Abin da ya sa jan ƙarfe ke daina shan zafi idan sanyi ya kai maƙura

Idan ana so a ɗaga zafin kilo ɗaya na jan ƙarfe da digiri ɗaya a yanayin zafin ɗaki, sai an zuba masa makamashi kimanin jul 385. Amma a kai wannan kilo ɗayan cikin ruwan hiliyam, inda ma'auni ke nuna kelbin 4.2, abin da yake buƙata domin digiri ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin goma na jul ba. Ƙarfen bai canza ba, yawan ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa bai ragu ba, amma ƙarfinsa na ɗaukar zafi ya faɗi kusan ninki dubu huɗu. A ci gaba da sanyaya shi, zai ci gaba da faɗuwa yana nufar sifili. Ma'aunin kelbin daga sifilin gaskiya yake farawa, wato digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, don haka zafin ɗaki yana wajen kelbin 300.

Amsar da aka fi ji ita ce wai ƙwayoyin zarra sun daina motsi saboda sanyi. Wannan amsa ba ta warware komai. Ƙarfin ɗaukar zafi ba ya auna yawan motsin da ke cikin abu a yanzu. Abin da yake aunawa shi ne ƙarin makamashin da abu zai shanye kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Zarrar da take kwance shiru, a tsohon lissafi, babu abin da zai hana ta karɓar makamashi daidai da wadda ke ta girgiza. Tambayar ke nan: me ya toshe hanyoyin da makamashi ke bi ya shiga?

Tsohon lissafin yana da kyau, kuma ya daɗe yana aiki. A 1819 wasu Faransawa biyu, Dulong da Petit, suka lura cewa idan aka auna ƙarafa da yawan zarra maimakon nauyi, kusan duk amsarsu ɗaya ce. Mol shi ne ma'aunin da yawan zarrar cikinsa ɗaya ne a kowane ƙarfe. Mol ɗaya na jan ƙarfe giram 63.5 ne, na alminiyam giram 27, na dalma giram 207, amma kowanne yana cin jul 24 zuwa 27 a kan kowane kelbin. Daga baya Boltzmann ya kawo dalili. A ɗauki kowace zarra a matsayin wadda sifirin ya riƙe a mazauninta, tana iya kaɗawa ta fuska uku. Kowace fuska tana ajiye makamashi iri biyu, na gudu da na miƙewar sifirin, kuma ƙa'idar raba daidai ta ce kowane iri yana samun rabin kT, inda k yake adadin Boltzmann, T kuma zafi a kelbin. Jimla kowace zarra tana da 3kT. A mol ɗaya, idan C ne ƙarfin ɗaukar zafi, wato ƙarin makamashi a kan kowane kelbin, R kuma k sau yawan zarrar da ke cikin mol:

C = 3R ≈ 24.9 J/(mol·K)

Ka duba da kyau, babu T a cikin wannan amsa. Ko a wuta ko a ƙanƙara, lissafin ya ce 24.9.

Daimon ne ya fara ƙin yarda. A zafin ɗaki yana cin kusan jul 6 ne kawai, rubu'in abin da aka yi tsammani. Heinrich Weber ya auna shi a shekarun 1870, ya ga adadin yana hawa idan an gasa daimon, har ya doshi na Dulong da Petit, yana kuma sauka idan an sanyaya shi. Da aka samu hanyar mayar da iska ruwa, James Dewar ya gangara can ƙasa ya tarar kusan babu abin da ya rage. Weber ɗin nan, af, shi ne ya koyar da Einstein fiziks a Zurich, kuma ba su rabu da daɗi ba. Duk da haka alƙaluman malamin ne ɗalibin ya ɗauko a 1907 ya gwada sabon lissafinsa a kansu.

Abin da Einstein ya yi ɗan ƙarami ne a takarda. Ya ɗauki ra'ayin da Planck ya kawo a 1900 game da haske, ya ɗora shi a kan girgizar zarra. Abin da ke kaɗawa sau ν a daƙiƙa ba ya karɓar makamashi yadda aka ga dama. Yana karɓa ne a dunƙule, kowane dunƙule girmansa hν, inda h yake adadin Planck. Ko dunƙule ɗaya, ko biyu, ko uku, babu rabi. Wannan dunƙule shi ake kira kwantam. Kamar matakalar bene ce wadda tsayin takunta ɗaya ne daga ƙasa har sama: mai dogon taku yana haurawa bai ma san da matakala ba, wanda kuwa ƙafarsa ba ta kai takun farko ba yana nan ƙasa, ba ya yin rabin hawa. Tsawon takun da zafi ke bai wa kowace zarra kusan kT ne. Saboda haka komai ya koma kan gwada abu biyu, hν da kT. An saba mayar da hν zuwa ma'aunin zafi ta hanyar raba shi da k, a kira sakamakon zafin Einstein, θ. Sai lissafin ya zama:

C = 3R · x² · eˣ / (eˣ − 1)², inda x = θ/T

Mu gwada da daimon. Zarrar kabon ba ta da nauyi, haɗin da ke tsakaninsu kuma mai tsananin tauri ne, don haka suna kaɗawa da sauri, wajen sau tiriliyan 27 a daƙiƙa. Wannan ya yi daidai da θ kimanin kelbin 1320, adadin da Einstein ya samu. A kelbin 300, x ya zama 4.4, eˣ kuma kusan 81. A zuba su cikin lissafin, za a samu kusan kashi 24 cikin ɗari na 3R, wato jul 6.1. Shi ne abin da ake aunawa. Ma'anar 81 ɗin ita ce a duk lokacin da aka duba, cikin hanyoyin kaɗawa tamanin da 'yan kai ɗaya ce kawai ta samu hawa takun farko. A sauke zafin zuwa kelbin 100, sai ya zama kusan biyu cikin miliyan. Dalma kuwa zarrarta mai nauyi ce, haɗinta mai laushi, takunta gajere ƙwarai, shi ya sa a zafin ɗaki take bin Dulong da Petit kamar babu wani kwantam a duniya. Ashe daimon ba shi da wata baƙar ɗabi'a. Zafin ɗaki ne ya zame masa sanyi.

A nan ne ya kamata a koma kan maganar daina motsi. Cikakken lissafin kwantam ya nuna cewa ko a sifilin kelbin kowace hanyar kaɗawa tana riƙe da rabin dunƙule, ½hν, wanda ba a iya ƙwace mata. Motsi bai tsaya ba. Hiliyam ma saboda wannan ragowar motsi ne ba ya daskarewa ko a sifili sai an matse shi da matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau 25. Sai dai wannan rabin dunƙule ba ya ƙaruwa ba ya raguwa da zafi, don haka ba shi da hannu a ƙarfin ɗaukar zafi ko kaɗan.

Walther Nernst da mutanensa a Berlin sun yi ta aune-aune a tsananin sanyi wajen 1910, suka tabbatar da cewa lallai adadin yana gangarawa sifili. Wannan na cikin abin da ya sa aka kira taron masana fiziks na Solvay na farko a Brussels a 1911. Amma awon nasu ya kuma fallasa rauni: a can ƙasa, lissafin Einstein yana faɗuwa da sauri fiye da kima. Ga girman kuskuren a jan ƙarfe. Zafin Einstein da ya dace da shi yana wajen kelbin 250. A kelbin 10, x ya zama 25, lissafin kuma ya ba da kimanin kashi biyu cikin miliyan goma na jul a kowane mol. Abin da ake aunawa kuwa kusan jul 0.05 ne. Tazarar ta haura ninki dubu ɗari biyu. Irin wannan ba gyaran adadi yake nema ba. Akwai abin da aka bari a baya.

Abin da aka bari shi ne cewa zarra ba ta kaɗawa ita kaɗai. Einstein ya ɗauka kowacce tana da nata sifirin da ya ɗaure ta a wuri guda, duk kuma da sauri iri ɗaya, kuma shi kansa ya san sauƙaƙawa ce. A zahiri kowace zarra da maƙwabtanta take ɗaure, su ma suna motsi. Idan zarra ta yi dama maƙwabciyarta ta yi hagu, haɗin da ke tsakaninsu yana shan ja sosai, kaɗawar tana sauri, dunƙulen yana da girma. Idan kuwa zarra ɗari da ke jere suka tafi dama tare, ɗari na gaba suka tafi hagu, kowacce ba ta gusa daga maƙwabciyarta sai kaɗan. Haɗin bai sha wahala ba, kaɗawar tana tafiya a hankali, dunƙulen ya zama ƙarami. Wannan doguwar igiyar girgiza ba baƙuwa ba ce: sauti ne yake ratsa ƙarfe. Kuma iya tsawon igiya, iya ƙanƙantar dunƙulenta. Ke nan komai tsananin sanyi akwai wasu igiyoyin da dunƙulensu bai fi kT ba, suna nan a buɗe suna karɓar makamashi. Waɗannan dunƙulen girgiza su ne daga baya aka sa wa suna fonon.

Peter Debye ne ya yi wannan lissafi a 1912, a shekarar da Born da von Kármán suka biyo ta wata hanya mafi wuya suka iso wuri ɗaya. Dabarar Debye ita ce ya ɗauki daskararren abu a matsayin dunƙulallen jiki mai ɗaukar sauti, ya ƙirga igiyoyin da za su iya zama a cikinsa. Yawan igiyoyin da saurin kaɗawarsu bai wuce ν ba yana tafiya da ν³, saboda abin yana da tsawo da faɗi da kauri, kowace fuska tana kawo ν guda. Amma ƙirgar ba ta tafiya har abada: zarra N suna da hanyoyin kaɗawa 3N, ba ƙari. Sai ya yanke ƙirgar daidai inda ta cika 3N. Saurin da aka yanke a kansa, idan an mayar da shi kelbin, shi ne zafin Debye, θD. Na dalma kusan 105 ne, na jan ƙarfe 343, na alminiyam 428, na daimon sama da 2000.

Daga nan dalilin faɗuwar a fili yake. A zafi T, igiyoyin da suke a buɗe su ne waɗanda hν ɗinsu bai wuce kT sosai ba. Kasonsu cikin duka yana tafiya da (T/θD)³. Kowacce tana riƙe da makamashi kusan kT. Jimlar makamashi ke nan tana tafiya da T⁴, saurin ƙaruwarta da zafi kuma da T³. Cikakken lissafi ya ba da:

C ≈ 1944 · (T/θD)³ J/(mol·K)

Wani zai ce 1944 ya yi yawa idan aka kwatanta da 24.9, kuma tambayar tana kan hanya. Dalili shi ne iyakar kT ba katanga ba ce. Igiyoyin da dunƙulensu ya ninka kT sau uku, huɗu ko biyar suna samun shiga jefi-jefi, kuma da yake yawansu na ƙaruwa da ν³, su ne ma suke ɗauke da mafi yawan kayan.

A jan ƙarfe, 343 sau uku a kan kansa ya kai kimanin miliyan 40.4. A raba 1944 da shi, a samu 0.000048. To a kelbin 10 girgiza tana cin jul 0.048 a kowane mol, wanda ya zo daf da awo. Za a iya ma ganin irin igiyoyin da ke aikin. A kelbin 10, kT ya yi daidai da kaɗawa kusan sau biliyan 200 a daƙiƙa. Igiyar sauti mai kaɗawa a gicciye tana gudun kusan mita 2300 a daƙiƙa a cikin jan ƙarfe, don haka tsawonta ya kai wajen nanomita 11, tazarar zarra arba'in da wani abu. Igiya mai wannan tsawo ba ta damu da yadda aka jera zarra ɗaya bayan ɗaya ba, kuma shi ne ya sa zaton Debye na dunƙulallen jiki yake ƙara zama gaskiya yayin da sanyi ke ƙaruwa. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin lissafin: inda na Einstein ya fi rauni, nan na Debye ya fi ƙarfi, kuma ana iya hasashen θD daga gudun sauti kawai ba tare da an taɓa auna zafi ba.

Sai dai jan ƙarfe ba zarra kawai ba ne. Kowace zarra ta saki ilektiron ɗaya yana yawo, su ne ke ɗaukar wutar lantarki. A tsohon lissafi ya kamata su ƙara rabin 3R a kan abin da ake aunawa a zafin ɗaki, amma ba a ganin wannan ƙari. Sai da ƙa'idar Pauli ta zo, Sommerfeld ya yi aiki da ita a ƙarshen shekarun 1920, sannan aka gane. Ilektiron biyu ba sa zama a hali ɗaya, don haka sun cika matakan makamashi daga ƙasa har zuwa wani tsayi da a jan ƙarfe ya yi daidai da kusan kelbin 80,000. Wanda ke can ƙasa ba shi da gurbin da zai matsa, domin duk na kusa da shi a cike suke. Na bakin sama ne kawai ke iya karɓar kT, kasonsu kuma yana tafiya da T. Gudummawarsu ke nan γT, inda γ na jan ƙarfe yake kusan jul 0.0007 a kowane mol a kan kelbin sau kelbin. A zafin ɗaki wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jimla ba. Amma T³ ya fi T saurin faɗuwa, kuma a wajen kelbin 3.8 su biyun suke yin kunnen doki. Ƙasa da nan ilektiron ne ke da rinjaye.

Yanzu za a iya haɗa adadin ruwan hiliyam. A kelbin 4.2 girgiza ta ba da jul 0.0036, ilektiron suka ba da 0.0029, jimla 0.0065 a kowane mol. Kilo ɗaya yana da mol kusan 15.7, sai a samu jul 0.1. Illar wannan a aikace ba ƙarama ba ce. Jul ɗaya da zai ɗaga kilon jan ƙarfe da ƙasa da kashi uku cikin dubu na digiri a zafin ɗaki, a 4.2 zai kai shi kusan kelbin 8. Wayar nayobiyam da titaniyam da ake naɗa maganaɗisun injin hoton MRI da ita tana rasa halinta na wuce wuta ba tare da turjiya ba a wajen kelbin 9, kuma ƙasa da haka sosai idan tana ɗauke da wuta a cikin ƙarfin maganaɗisu. Ɗan gocewar waya da gogayyar da ta haifar ya isa ya ɗumama wani gurbi ya tsallake iyaka, wutar da ke gudana ta fara gasa wurin, zafin ya bazu.

Yaya mai awo yake raba girgiza da ilektiron, alhali adadi ɗaya na'urarsa ke ba shi? Yana raba C da T, sai lissafin ya zama C/T = γ + βT², inda βT³ yake gudummawar girgiza. Idan ya zana C/T a tsaye, T² a kwance, ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi. Inda layin ya taɓa gefen tsaye shi ne γ, gangarensa kuma β, wanda daga shi ake fitar da θD. Abin da ba ya wuce wuta, kamar gishirin kiristal mai tsabta, layinsa ta sifili yake bi.

Amfanin wannan zane ya fi fitowa a lokacin da layin ya ƙi miƙewa. Idan ya lanƙwashe sama ta ɓangaren dama, an yi awo a inda zafi ya yi yawa. Dokar T³ tsantsa ba ta tabbata sai ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na θD, wato wajen kelbin 7 a jan ƙarfe. Sama da haka gajerun igiyoyi suna fara shigowa, su kuwa ba sa gudu da saurin sauti yadda Debye ya zata, kuma wanda ya nace da fitar da θD a nan zai ga adadin yana sauka yana hawa da zafi, alamar cewa lissafin ne ya gaza. Idan kuwa wutsiyar hagu ce ta ɗaga sama a mafi tsananin sanyi, to akwai wani abu mai matakai biyu ko uku kusa da juna da ya fara karɓar makamashi, galibi 'yan zarra masu maganaɗisu da suka gurɓata samfurin, ko cibiyoyin zarrar kansu. Irin wannan tudu ana danganta shi da sunan Schottky, kuma bayan ya kai ƙololuwa shi ma sifili yake komawa. Girafayit, wanda shimfiɗa-shimfiɗa ne masu raunin haɗi a tsakaninsu, yana bin abin da ya fi kusa da T² a wani zango, domin igiyoyinsa kusan a fuska biyu suke tafiya. Gilashi ya fi su duka taurin kai: a 1971 Zeller da Pohl suka nuna cewa ƙasa da kelbin 1 yana da ƙarin da ke tafiya kusan da T, alhali ba shi da ilektiron mai yawo ko ɗaya. Bayanin da aka fi amfani da shi shi ne wasu gungun zarra a cikin hargitsattsen tsarinsa suna da mazauni biyu masu kusan makamashi ɗaya, suna ratsawa daga wannan zuwa wancan, amma ainihin su wane ne waɗannan gungu, da abin da ya sa gilasai mabambanta suke ba da adadi masu kama da juna, har yanzu masana suna ja-in-ja a kai.